UNION da UNION ALL sun ba ni jimla biyu, wanne zan kai wa Alhaji?

Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Ina kula da kwamfutar wani Alhaji mai sari a nan Kumasi, shago biyu gare shi, ɗaya a Kejetia ɗaya a Aboabo, kowanne da teburin cinikinsa a MySQL. Na haɗa tebur biyun da UNION don in fitar da cinikin watan Maris sai jimlar ta kasa abin da ke littafi da kusan sidi 18,000. Da na canja zuwa UNION ALL sai ta hau. Wanne ne daidai? Kuma wani lokaci in netwok ya ɗauke yarinyar da ke Aboabo tana sake loda fayil, ina tsoron ko shi ne.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, kar ka kai wa Alhaji lambar da UNION ya ba ka, kuma dan Allah kar ka bari a fara zargin yaran shago a kan sidi 18,000 ɗin nan tukuna, domin akwai yiwuwa sosai ba wanda ya taɓa ko pesewa ɗaya, kuwerin naka ne ya zubar da su. In ana maganar kuɗi ko yawan kaya, UNION ALL ake fara sawa. Amma ita ma lambar UNION ALL ɗin ban ce ka ɗauke ta haka ka tafi ba, saboda maganar sake loda fayil da ka yi, zan zo kanta a ƙasa.

Abin da UNION ke yi shi ne ya zuba layukan tebur na farko, ya zuba na biyu a ƙarƙashi, sannan ya bi duka ya duba, duk layukan da suka zo iri ɗaya sak a kowane kolum sai ya bar guda ɗaya ya watsar da saura. UNION ALL kuwa zubawa kawai yake yi, ba ya duba komai ba ya cire komai. Shi ke nan bambancin, amma wurin da mutane ke faɗawa shi ne databes bai san meye ciniki ba, bai san cewa mutum biyu daban ne suka shigo shago ba, abin da yake gani kawai shi ne kolum ɗin da ka lissafa a cikin SELECT. In sun yi daidai, a wurinsa abu ɗaya ne aka maimaita.

Bari mu yi da ƙaramin misali wanda za ka iya bugawa da hannunka ka gani. Farashin nan na sa su ne don lissafi ya yi sauƙi kawai.

```
ciniki_kejetia
2025-03-03  shinkafa  600
2025-03-03  shinkafa  600
2025-03-03  mai       350
2025-03-04  sikari    500

ciniki_aboabo
2025-03-03  shinkafa  600
2025-03-03  mai       350
2025-03-04  mai       350
2025-03-04  sikari    480
```

Kejetia ta yi 2,050, Aboabo ta yi 1,780, gaba ɗaya 3,830 daga ciniki takwas. Wannan shi ne kuɗin da ya shiga akwati. Yanzu ga kuwerin da nake kyautata zaton irinsa ka rubuta:

```sql
SELECT SUM(kudi) FROM (
  SELECT rana, kaya, kudi FROM ciniki_kejetia
  UNION
  SELECT rana, kaya, kudi FROM ciniki_aboabo
) AS duka;
```

Wannan zai ba ka 2,280, daga layi biyar. Sidi 1,550 sun tafi. Duba inda suka bi: shinkafar 600 ta ranar 3 ga wata sau uku aka sayar, biyu a Kejetia ɗaya a Aboabo, UNION ya bar ɗaya, ka ga 1,200 kenan. Man 350 na ranar 3 sau biyu ne, ya bar ɗaya, 350 kenan. Haɗa ka gani, 1,550 cif. Man ranar 4 ya tsira saboda ranar ta bambanta, sikari biyun ma sun tsira saboda ɗaya 500 ne ɗaya 480. In ka mayar da shi UNION ALL, layi takwas za su fito, jimla 3,830.

Lura da abu ɗaya a nan wanda mutane da yawa ba su sani ba ko da sun daɗe suna rubuta SQL. Shinkafa biyun farko duk a tebur ɗaya suke, na Kejetia. Ana ɗauka UNION yana cire abin da ke tebur na farko kuma ya sake fitowa a na biyu ne kawai, to ba haka ba ne, dukan sakamakon yake tacewa, har da maimaicin da ke cikin tebur guda. Ko da teburin Aboabo babu komai a ciki, in ka bi ta UNION cinikin Kejetia zai sauko daga 2,050 zuwa 1,450. A shagon sari kuma wannan ba abu ne da ke faruwa jefi-jefi ba, kullum ne, buhu ɗaya farashi ɗaya, masu waakye da masu kanti su shigo ɗaya bayan ɗaya tun safe kowa buhu guda, a rana ɗaya za ka iya samun layi goma iri ɗaya sak. Shi ya sa giɓin da ka gani bai ba ni mamaki ba. Kuma ya fi tsanani a kan kayan da suka fi tafiya, wato daidai inda kuɗin yake.

Girman asarar ma ya danganta da yawan kolum da ka zaɓa. Da ka ce ai kuɗi kawai nake so in tara, ka rubuta SELECT kudi kaɗai a kowane ɓangare, to UNION zai bar maka 600, 350, 500 da 480, jimla 1,930. Tebur bai canja ba, ciniki bai canja ba, kolum kawai ka rage lambar ta ƙara faɗuwa. Duk lokacin da ka ga jimla tana motsi don ka ƙara ko ka cire kolum ɗin da ba na kuɗi ba, to alama ce babba cewa akwai wani abu da ke tace layuka a hanya, ko UNION ko DISTINCT. Wannan ne ma dalilin da ya sa kuweri zai yi shekara yana aiki lafiya, saboda akwai lambar rasit a ciki, wata rana wani ya zo ya cire kolum ɗin don rahoto ya yi tsaf, daga ranar lissafi ya lalace kuma ba wani ero da zai fito ya faɗa maka.

Akwai dabarar da za a iya ba ka, a ce ƙara sunan reshe a kowane ɓangare, 'Kejetia' a sama 'Aboabo' a ƙasa, ka ci gaba da UNION ɗinka. Sa sunan reshe abu ne mai kyau, ni ma ina so ka sa, amma ba ya warkar da ciwon. A misalinmu zai hana shinkafa da man Aboabo ɓacewa, sai dai shinkafa biyun Kejetia har yanzu iri ɗaya suke, ɗaya za ta tafi, ka samu 3,230 maimakon 3,830. Wannan ma ya fi haɗari a ganina domin giɓin ya ragu har mutum ya ce ai ɗan kuskuren littafi ne.

Haka nan in ka tara kowane shago daban sannan ka haɗa jimlolin da UNION. Yawanci zai yi daidai, har ranar da shago biyun suka tashi da jimla ɗaya, misali kana fitar da yawan buhunan da aka sayar, nan 40 can 40, sai layi ɗaya ya fito ka ga 40 maimakon 80. Ba kasafai ba ne, shi ya sa in ya faru ake shan wahalar gano shi.

To yaya za ka tabbatar wannan ne ya ci 18,000 ɗinka? Ba sai ka yarda da maganata ba, databes ɗin zai nuna maka. Fara da ƙirga layuka: COUNT(*) na Kejetia a watan Maris, COUNT(*) na Aboabo, ka haɗa su da kanka, sannan ka ƙirga layukan da UNION ya fitar. Bambancin shi ne yawan layukan da aka zubar. Daga nan sai ka fito da su fili:

```sql
SELECT rana, kaya, kudi,
       COUNT(*) AS sau,
       (COUNT(*) - 1) * kudi AS asara
FROM (
  SELECT rana, kaya, kudi FROM ciniki_kejetia
  UNION ALL
  SELECT rana, kaya, kudi FROM ciniki_aboabo
) AS duka
GROUP BY rana, kaya, kudi
HAVING COUNT(*) > 1
ORDER BY asara DESC;
```

Kar ka manta ka sa WHERE na watan Maris a ɓangarori biyun duka, ba ɗaya ba, kuma kar ka cire AS duka ɗin nan, MySQL ba ya karɓar tebur na cikin baka in babu suna. A misalinmu layi biyu za su fito, shinkafa sau 3 asara 1,200, mai sau 2 asara 350. A naka, ka tara kolum ɗin asara, dole ya yi daidai da bambancin da ke tsakanin jimlar UNION ALL da ta UNION, ba kusan ba, daidai har pesewa. In bai yi ba to akwai wani abu daban a kuwerin, wataƙila kolum ɗin da ka sa a nan ba su ne ka sa a can ba.

Yanzu maganar yarinyar Aboabo da sake loda fayil, wadda ita ce ainihin wurin da sai an yi hankali. Layi biyu iri ɗaya suna iya zama abu biyu mabambanta: ko ciniki biyu ne na gaskiya da suka yi kama, ko ciniki ɗaya ne da aka shigar sau biyu. UNION yana ɗaukar dukansu a matsayin na biyun, UNION ALL yana ɗaukar dukansu a matsayin na farkon, kuma babu wanda ya san gaskiya a cikinsu, zato kawai kowanne ke yi. Kamar takardun sidi 50 ne guda biyu a hannunka, kala ɗaya hoto ɗaya, amma ba ka jefar da ɗaya don ta yi kama da 'yar uwarta, abin da ke raba su lambar da aka buga a jikin kowace ce, kuma sai ka ga lamba ɗaya a takarda biyu ne za ka ce akwai matsala. A teburinka lambar nan ita ce lambar rasit, ko lambar tiransakshan in ta MoMo aka biya. In babu irin wannan lamba a tebur, wallahi babu kuwerin da zai iya raba maka ciniki biyu na gaskiya da loda biyu, sai an koma littafi.

Ka faɗi cewa jimlar UNION ALL ta hau amma ba ka ce ko ta yi daidai da littafi ba ko ta wuce shi. Duba wannan yau. In ta yi daidai da littafi, shi ke nan, babu loda biyu a Maris, kuma UNION ne kaɗai mai laifi. In ta wuce littafi, abin da ya hau kai shi ne ake zargin an loda sau biyu, kuma yana da kamanninsa. Maimaicin gaskiya a warwatse yake, kullum kaɗan-kaɗan, kan shinkafa da mai da sikari, a shago biyun duka. Loda biyu kuwa a dunƙule yake zuwa, za ka ga rana guda ko kwana biyu a shago ɗaya kowane layi ya fito sau biyu daidai, har da kayan da ba a cika saye ba, har da farashin da aka yi ragi na musamman irin 587 wanda da wuya mutum biyu su biya shi. In ka yi GROUP BY rana ka ƙirga layukan Aboabo, ranar za ta fito da ninkin sauran ranaku. Tambayi yarinyar ko ranar ce wuta ko netwok ya ɗauke, yawanci za ta tuna.

Wani zai ce to ai UNION ya yi amfani kenan, tunda zai share loda biyun. E zai share, amma tare da cinikin gaskiya zai haɗa ya share, kuma ma ba kullum yake iya sharewa ba. A ce fayil na farko an rubuta mai 350, da aka zo sake lodawa an gyara ya koma 345, ko kuwa teburin yana da kolum na lokacin loda wanda ya shiga SELECT, to layukan ba iri ɗaya ba ne kuma, duka biyun za su zauna. Sai ka tashi da jimlar da an cire mata abin da bai kamata ba, an kuma bar mata abin da ya kamata a cire, wani lokaci ma su kusa cike wa juna ta yi kama da daidai.

Hanyar da ta dace ita ce ka haɗa komai da UNION ALL, sannan kai da kanka ka faɗa wa databes me ake nufi da ciniki ɗaya. Zan ɗauka kana da lambar rasit da lokacin loda, ka canja sunayen zuwa naka:

```sql
SELECT SUM(kudi) FROM (
  SELECT kudi, ROW_NUMBER() OVER (
    PARTITION BY reshe, rasit, layi
    ORDER BY lokacin_loda DESC) AS n
  FROM (
    SELECT 'Kejetia' AS reshe, rasit, layi, kudi, lokacin_loda
    FROM ciniki_kejetia
    UNION ALL
    SELECT 'Aboabo', rasit, layi, kudi, lokacin_loda
    FROM ciniki_aboabo
  ) AS duka
) AS t
WHERE n = 1;
```

Abin da wannan ke cewa shi ne, duk layukan da suka haɗa reshe ɗaya, rasit ɗaya, layin rasit ɗaya, ciniki ɗaya ne, a bar wanda aka loda a ƙarshe. Reshe dole ya shiga domin in kowane shago yana da littafin rasit nasa, rasit mai lamba 214 yana nan a Kejetia yana nan a Aboabo kuma ba su da alaƙa. Layi ma dole ya shiga in rasit ɗaya yana ɗaukar kaya fiye da ɗaya, in ba haka ba mutumin da ya sayi shinkafa da mai da sikari a rasit guda za ka bar masa abu ɗaya ka zubar da biyu, ka koma gidan jiya. In kuma lambar rasit tana komawa 1 duk lokacin da aka buɗe sabon littafi, sai ka ƙara rana a cikin PARTITION BY. ROW_NUMBER sai MySQL 8.0 zuwa sama, in tsohon 5.7 ne a kwamfutar ba zai yi ba, buga SELECT VERSION() ka gani tukuna.

Bayan ka share na baya, toshe ƙofar gaba ɗaya. Sa UNIQUE a kan rasit da layi a kowane tebur, yadda in an sake loda fayil databes zai ƙi karɓar abin da ya riga ya shiga. Ba zai yarda ka sa shi ba sai ka fara cire maimaicin da ke ciki, kuma ka yi bakof kafin ka goge komai. Da za ka ji shawarata ma, tebur ɗaya za ka yi mai kolum na reshe, domin ranar da Alhaji ya buɗe shago na uku a Asawase ko Tafo, sai ka bi kowane kuweri ka ƙara masa wani UNION ALL, kuma wanda ka manta shi ne zai ba da lambar ƙarya.

Ga wasu ƙananan abubuwa game da yadda UNION ke yanke hukuncin iri ɗaya, saboda za su iya ruɗa ka wajen bincike. NULL biyu a wurinsa daidai suke, ko da yake a WHERE in ka ce NULL = NULL ba ya ba da gaskiya, don haka layi biyu da ba a cike sunan kwastoma ba za su haɗe. Sannan a MySQL yadda yake zuwa, ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, Shinkafa da shinkafa abu ɗaya ne a wurinsa, PostgreSQL kuwa yana raba su, ka ga kuweri ɗaya da bayanai ɗaya za su iya ba da jimla biyu in an canja databes. In kuma tebur uku ne ka gauraya, ka sa UNION ALL tsakanin na farko da na biyu sannan UNION kafin na uku, wannan UNION ɗin na ƙarshe zai tace duk abin da ya gabace shi, ALL ɗin farko ya tashi a banza.

Ban ce UNION ba shi da wurinsa ba. In Alhaji ya ce a fitar masa da lambobin wayar kwastomomi na shago biyun don a tura musu saƙon barka da Sallah, UNION ne daidai, ba ka so Hajiyar da ke saye a Kejetia da Aboabo ta samu saƙo biyu. Haka in jerin sunayen kayan da ake sayarwa kake so. Tambayar wane da wane ce, ba nawa ba. Da zarar SUM ko COUNT ko AVG zai hau kan sakamakon, ALL za ka sa. Ga shi kuma ya fi sauri, tunda UNION sai ya jera layukan ko ya ajiye su a tebur na wucin gadi yana gwada su kafin ya ba ka amsa, a tebur ƙarami ba za ka ji ba amma in layuka sun kai miliyoyi za ka ji. Ni abin da BigQuery, databes ɗin Google, ya yi ya fi min, can ba ka isa ka rubuta UNION tsirara ba, dole ka ce UNION ALL ko UNION DISTINCT. MySQL ma yana karɓar UNION DISTINCT, kuma ina ba ka shawara ka riƙa rubuta shi haka cikakke a duk inda da gangan kake son a tace, don wanda zai karanta bayanka ya san ba mantuwa ba ce.

Abu na ƙarshe, in da UNION ka fitar da rahoton Janairu da Fabrairu, su ma sun yi ƙasa, ka sake gudanar da su. In an yi amfani da lambobin wajen lissafin riba, ko kamashon yaran shago, ko abin da aka kai wa hukumar haraji ta GRA, gara kai ka fara gaya wa Alhaji da lambobin da aka gyara a hannunka. Ka je masa da abu uku a takarda ɗaya: jimlar UNION ALL, jerin ranakun da aka loda sau biyu in akwai tare da kuɗinsu, da abin da ya rage bayan an cire su, a ajiye kusa da littafi a gwada rana-rana. In ka gudanar da kuwerin asara ɗin ka ga wani abu da bai gane maka ba, turo layi goman farko da sunayen kolum ɗin teburinka, ka ɓoye sunayen kwastomomi da lambobinsu, mu duba tare in sha Allah.